Sharhi 9 cikin mako 3: yadda muka bi sawun ƙorafin baƙi a wani ƙaramin otal a Kumasi

Otal ɗin kawuna ɗaki 14 ne, a ɓangaren Aboabo cikin Kumasi. Baƙinsa na yau da kullum 'yan kasuwa ne daga Tamale da Bolgatanga da Bawku masu zuwa sari a kasuwar Kejetia, sai masu jinyar 'yan'uwa a asibitin Komfo Anokye. Daga Juma'a zuwa Lahadi kuwa lissafi kan canza, domin a ƙasar Asante ranar Asabar aka fi yin manyan jana'izu, jama'a su taso daga Accra da Takoradi har da ƙasashen waje, duk wani wurin kwana a gari ya cika. An daɗe otal ɗin na zaune da maki 4.3 a Google. Sai ga wani watan Oktoba, cikin mako 3 kacal, mutum 9 sun rubuta sharhi a jere: 6 sun ba da tauraro ɗaya, 3 sun ba da biyu. Maki ya faɗo 3.8. A Booking.com ma wasu 3 sun yi irin wannan kuka. Maganar kusan ɗaya ce a bakin kowa: ɗaki ba tsafta, ma'aikata ba ladabi.

Bayan sallar isha'i Kawu ya kira ni, saboda na yi shekaru ina aikin kula da ɗakuna a otal-otal kafin na koma wata sana'a. Na tarar ya riga ya yanke shawara uku. A nemo wanda zai goge sharhin, a sallami yarinyar da ke teburin karɓar baƙi, sannan a tara samarin unguwa kowa ya danna taurari biyar. Ya ce, "Ɗan nan, wannan aikin mahassada ne. Shekara nawa muna nan ba wanda ya ce mana ƙazamai?" Na ce, "Kawu, mai yiwuwa akwai mahassadi a ciki. Amma ka ba ni rajistar baƙi da kwana biyu kafin a taɓa kowa."

Dalilin neman rajista shi ne, mai otal yana karanta sharhi a matsayin zagi, alhali kowane sharhi shaida ce mai kwanan wata. Mutum ya kwana a wani ɗaki takamaimai, a wani dare takamaimai, wani ma'aikaci ne ya miƙa masa makulli, wata ce ta share ɗakin. In ka iya mayar da kowane ƙorafi ɗakinsa da darensa, abin da ya yi kama da taron dangi sai ya koma matsala ɗaya ko biyu da za ka iya nunawa da yatsa.

Na Booking.com ba su ba mu wahala ba, domin a can sai wanda ya kama ɗaki ta hanyarsu ake ba damar rubutu, kuma sharhin yana haɗe da ranar da ya sauka. Google ne mai aiki, tunda duk mai asusu yana iya rubutawa, ya kwana ko bai kwana ba. Sai muka bi ta hanya uku: sunan da ke kan sharhin, sunayen da ke cikin bayanan biyan kuɗi ta waya, wato MoMo, da hotunan da suka ɗora. Hoto yana tona asiri fiye da yadda ake zato. Wata ta ɗauki tabon da ke jikin zanen gado, amma a gefen hoton ga koren labule, kuma ɗakunan ƙasa ne kaɗai ke da koren labule. A cikin 9 na Google mun gano 7 a rajista. Ɗaya ya rubuta da kansa cewa bidiyon ɗakin ya gani a TikTok, bai taɓa zuwa ba. Ɗayan kuma ba suna na gaske, ba hoto, ba ko kalma, tauraro ɗaya kawai.

Saboda haka muna da baƙi na gaske 10. Na ja layuka a takarda na rubuta ranar saukar kowa da lambar ɗakinsa da wanda ke bakin aiki. Mutum 8 sun sauka ne Juma'a ko Asabar. Mutum 7 sun kwana a ɗaki na 5 zuwa na 8, wato ɗakuna huɗu na ƙasa da ke bayan gini. Waɗanda suka yi kukan rashin ladabi su 6 ne, kuma dukkansu sun yi karo da ma'aikaciya ɗaya tsakanin daren Juma'a da azahar ɗin Asabar. Na ajiye takardar gaban Kawu. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, domin ya san mahassadi ba zai zaɓi ɗakuna huɗu da rana biyu ba.

Kafin in tambayi kowa komai, na kwana a ɗaki na 6. Wannan mataki ne da nake ganin bai kamata a tsallake shi ba, kuma bai kamata mai otal ya yi shi da kansa shi kaɗai ba, domin hancin da ya saba da gida ba ya jin warin gidan. Na ce a bar ɗakin a rufe yini guda kamar yadda baƙo zai same shi. Ina buɗe ƙofa wari biyu suka tare ni. Na farko na raɓa ne, irin na kayan da aka daɗe da rufewa a akwati. Na biyu daga banɗaki yake, warin lambatu. A ido kuwa ɗakin tsaf yake, an share, an gyara gado. Shi ya sa duk lokacin da Kawu ya leƙa daga bakin ƙofa sai ya ce bai ga laifi ba.

Warin banɗaki shi ya fi sauƙin ganewa. A ƙarƙashin magudanar ruwan da ke ƙasan banɗaki akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, wannan ruwan ne ke toshe iskar lambatu kada ta hauro. Ɗakunan baya ba a cika ba da su ba sai ƙarshen mako in na sama sun ƙare, kuma wani lokaci ɗaki kan yi mako biyu ba a buɗe famfonsa ba. Lanƙwasar da aka sa ƙarama ce, ruwan ya bushe, wari ya sami hanya. Na zuba bokiti guda na ruwa, na buɗe taga, kafin asuba ya lafa. In ka zuba ruwa wari bai tafi ba, ko ya dawo cikin kwana ɗaya, to ko dai ba a sa lanƙwasar ba tun wurin gini, ko ta tsage, wannan kuma aikin mai gyaran famfo ne, turaren fesawa ba zai yi maganinsa ba. Hasali ma turare a kan warin lambatu shi ke sa baƙo ya tabbatar ana ɓoye masa wani abu.

Na jawo kabad na haska fitilar waya a bayansa, bango ya yi baƙi-baƙi da fumfuna. Kumasi tana da damina biyu, ƙaramar tana faɗowa daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma bangon baya ba ya samun rana. Na jiƙa gefen tawul na shinshina, tsami ya taso. Busasshen tawul yana iya yaudarar hanci, sai ya sha ruwa warin ke fitowa, wato daidai lokacin da baƙo ya kai shi fuskarsa. Wani baƙo ya rubuta cewa ƙwari sun cije shi, wannan ya fi komai tayar min da hankali, don haka na ɗaga katifa na bi ɗinkin gefenta da haɗin katakon gado ina neman ɗigo-ɗigon baƙin kashin kuɗin cizo da ɓawon jikinsa. Alhamdu lillahi babu. Ragar taga ce ta yage, sauro ke shiga. Da kuɗin cizo ne da labarin ya bambanta: a rufe ɗakin da na maƙwabtansa, a wanke kayan gado da ruwa mai zafin digiri 60, a kira masu feshi, kuma a sake feshin bayan kamar mako 2, domin ƙwansa yakan tsira daga feshin farko ya ƙyanƙyashe daga baya.

Washegari na zauna da dattijuwar da ke share ɗakuna. Na ce, "Mma, ba laifi na zo nema ba. Ki gaya min yadda Juma'a ɗinki take." Ta ce da su biyu ne, abokiyar aikinta ta tafi gida haihuwa tun watan Agusta, Alhaji ya ce ta riƙe kafin a samo wata, ba a kuwa samo ba. Sai muka yi lissafi tare. Ɗakin da baƙo ya tashi, in za a yi masa aikin kirki, a cire kayan gado, a wanke banɗaki, a goge, a share, a shimfiɗa sabo, yana cin kamar minti 35. Ranar Juma'a 'yan kasuwa na tashi masu jana'iza na shigowa, ɗaki 11 kan sauya hannu. Minti 35 sau 11 ya kama minti 385, wato awa 6 da minti 25. Baƙi kuwa suna fita da ƙarfe 12, sababbi suna fara neman makulli da ƙarfe 2. Mutum ɗaya ba zai iya ba ko da aljani ne. To me take yi? Tana fara da ɗakunan sama masu tsada, ta iso na baya a ƙarshe ƙarfinta ya ƙare, ta gyara abin da ido ke gani. Tsumma ɗaya take yawo da shi daga ɗaki zuwa ɗaki, ruwan goge ƙasa bokiti ɗaya har ya koma kalar ƙasa.

Zannuwan gado kuma saiti biyu-biyu ne ga kowane gado. Ƙa'idar da aka sani a aikin otal saiti 3 ne aƙalla: ɗaya a kan gado, ɗaya a wurin wanki, ɗaya a ninke a sito. Da rani saiti biyu kan lallaɓa, tunda abin da aka shanya da safe ya bushe kafin la'asar. Da damina kuwa ana kwashe shanya a guje in hadari ya taso, a ninke da sauran danshi, ko kuma a mayar da zanen da ke da tabo don babu wani. Tsamin tawul da tabon da aka ɗauka a hoto daga nan suka fito.

Yanzu sai maganar yarinyar tebur, wadda ita ce na fi so mai karatu ya tsaya a kanta, domin a nan yawancin masu otal ke yin kuskuren da ke sa ƙorafin ya dawo bayan wata biyu. Ana ɗaukan rashin tsafta da rashin ladabi kamar cuta biyu daban. A otal ɗinmu, kuma a yawancin waɗanda na sani, ta biyun 'yar ta farkon ce. Na tambaye ta abin da ya haɗa ta da matar da ta rubuta cewa an yi mata tsawa. Ta ce, "Yaya, ta zo da ƙarfe 11 na dare ta ce tawul na wari, in canza mata. Makullin sito yana hannun Alhaji, ya tafi gida. Ta ce in canza mata ɗaki, ko'ina a cike. Ta ce in rage mata kuɗi, ba ni da iko. Sau uku tana zuwa. Me zan ce mata?" Abin da ta ce mata a karo na uku shi ne, in ba ta so ta nemi wani wuri. Wannan magana ba ta da kyau, kuma na gaya mata haka. Amma a lokacin ta yi awa 16 a kan kujera, domin tsarin da aka yi mata shi ne ta shiga aiki ƙarfe 7 na safiyar Juma'a, sai azahar ɗin Asabar ta tashi.

Dokar ƙwadago ta Ghana, ta 651 ta shekarar 2003, ta sa awa 8 a rana ko awa 40 a mako a matsayin ma'aunin aiki, ta kuma ce a ba ma'aikaci hutun aƙalla awa 12 tsakanin aikin yau da na gobe. Na karanta wa Kawu wannan, ba don in tsorata shi ba, sai don ya gane cewa in ya sallame ta a kan abin da ya faru a awa ta 16, shi ne a bayan doka. Kuma duk wadda ya ɗauko a madadinta, ya ɗora ta a kan wannan kujera ba makulli ba iko, kafin wata biyu ita ma za ta ce wa wani ya nemi wani wuri.

Wannan bai wanke ta gaba ɗaya ba. Akwai abubuwan da gajiya ba ta jawo su ba. Baƙo ya shigo da kaya tana kallon waya, ba ta ɗago ba sai da ya yi magana. Wani dattijo ya rubuta cewa da hannun hagu aka miƙa masa makulli, kuma duk wanda ya tashi a nan ya san nauyin wannan, a Zongo ne ko a gidan Asante. Wata kuma ta ce suna magana da yarensu suna dariya tana tsaye. Na bincika, hira ce kawai da mai gadi da Hausa a kan wani abu daban, amma wadda Twi, harshen Asante, take ji ba ta da hanyar sanin ba da ita ake ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, mu muka faɗa, to sai mu fara aiki da ita a gidanmu. Muka tsayar da abubuwa kaɗan da ba a sassauci a kansu: a miƙe a gaida baƙo kafin ya gaida ka, waya ta shiga aljihun tebur, a miƙa kaya da dama, in baƙo na tsaye a yi magana da harshen da yake ji. Yadda za ka bambanta mai mugun hali da wanda tsari ya matse shi ne ka duba ranakun. In ƙorafi a kan mutum yana zuwa Talata da safe kamar yadda yake zuwa Asabar da dare, bayan ya sami hutunsa kuma an ba shi kayan aiki, to halinsa ne. Nan sai gargaɗi a rubuce, in bai gyara ba a rabu ta hanyar da doka ta tanada.

Gyaran da muka yi bai da yawa, amma ɗaya daga ciki ya yi wa Kawu ɗaci. Na ce a rufe ɗakunan baya huɗu na mako guda, har da Asabar. Ya ce asara ce. Na ce, "Kawu, duk wanda ya kwana a can yau, kuɗin dare ɗaya zai ba ka, ya bar maka rubutun da zai yi shekaru." A Booking.com sharhi yana zama har wata 36, a Google kuwa ba shi da ranar tashi. Ya yarda. Aka kankare fumfuna, aka wanke bangon da ruwan bilic, aka bar shi ya bushe sarai kafin fenti, aka matsar da kabad ɗan taƙi daga bango don iska ta ratsa, aka sauya raga. Na ja kunnen Mma kada ta taɓa haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, domin hayaƙin da ke tashi guba ne, musamman a rufaffen banɗaki. Aka sayo saiti na uku na zannuwa da tawul, aka yi rumfar kwano a kan igiyar shanya. Aka ɗauki mai taimako na Juma'a da Asabar da Lahadi. Tsumma ya zama kala biyu, ja na masai kaɗai, shuɗi na sauran wurare. Duk Laraba a buɗe ɗakunan da ba kowa, a saki famfo, a zuba ruwa a magudana, a buɗe taga.

A tebur kuma aka raba aikin Juma'a gida biyu. Aka ajiye saiti 4 na zane da tawul a ƙaramin kabad da makullinsa ke hannun mai aikin dare. Aka ba ta ikon canza wa baƙo ɗaki in akwai, ko ta rage kashi 20 cikin ɗari na kuɗin daren ba sai ta kira kowa ba, muddin ta rubuta dalili a littafin ƙorafi. Kawu ya ji tsoron za a riƙa cin amanarsa ta wannan ƙofa. A wata na farko sau 3 kawai aka yi amfani da ita. Sannan muka sa al'adar buga wa baƙo waya ko ƙwanƙwasa masa kamar minti 15 bayan ya shiga, a tambaye shi ko ɗaki ya yi. Wanda ya faɗi damuwarsa a wannan lokaci aka share masa hawaye, da wuya ya kai ta intanet.

Sai bayan an fara waɗannan muka koma kan amsa sharhin, kuma da gangan na jinkirta. Amsa kafin gyara alkawari ne kawai, in wani ya zo mako mai zuwa ya tarar da warin nan, zai rubuta cewa har ƙarya suke yi. Amma kada jinkirin ya wuce 'yan kwanaki. Abu na farko da na yi shi ne goge wata amsa da ɗan Kawu ya riga ya rubuta cikin fushi, inda ya ƙaryata baƙon, ya ambaci ranar da ya zo da wadda suka zo tare. Wannan ya fi sharhin kansa ɓarna. Duk mai karantawa zai ce, ashe in na kwana a nan asirina a hannunsu yake. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012, ta 843, wadda ba ta yarda ka ɗauki abin da baƙo ya rubuta a rajista ka baza a fili ba. Barazanar kotu ma da Kawu ya ambata na hana. Tun 2001 aka soke hukunta ɓata suna a matsayin babban laifi a Ghana, abin da ya rage ƙarar neman diyya ce, kuma wanda ya faɗi gaskiyar abin da ya gani, ga hoto a hannunsa, yana da kariya.

Amsa ana rubuta ta ne da sunan mai ƙorafi, amma ainihin mai karatunta shi ne wanda ke zaune a Tamale da waya a hannu yana tunanin inda zai sauka mako mai zuwa. Abin da yake nema shi ne ya ga ko mutanen nan sun san abin da ya faru, kuma sun yi wani abu. Ga ma'anar abin da muka rubuta wa matar tawul, da harshen da ta yi rubutunta:

"Hajiya, mun gode da kika gaya mana. Gaskiyarki ne, tawul ɗin bai bushe yadda ya kamata ba, kuma maganar da aka yi miki da dare ba ta dace ba. Laifinmu ne, ki yi haƙuri. Mun rufe ɗakunan wannan ɓangare mun gyara, mun ƙaro zannuwa da tawul, kuma yanzu mai aikin dare yana da ikon canza wa baƙo kaya ko ɗaki nan take. In kin yarda ki kira lambar otal ki nemi manaja, muna so mu ji daga bakinki."

Babu sunan ma'aikaciya a ciki, babu lambar ɗaki, babu "amma". Kowa mun rubuta masa tasa daban, muna ambaton abin da shi ya faɗa. Amsa ɗaya da aka manna ƙarƙashin sharhi 9 tana nuna ba wanda ya karanta. Inda baƙo ya yi kuskure mun gyara a hankali, kamar mai kukan ƙwari: mun ce mun bincika katifa da gado ba mu sami kuɗin cizo ba, ragar taga ce ta yage sauro ya shiga, an kuma sauya ta.

Biyun da ba baƙinmu ba ne muka kai ƙararsu ta Google Business Profile, inda ake danna Report review. Mai otal ba shi da ikon goge sharhi da kansa, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya goge maka, ka riƙe kuɗinka. Google na cire abin da ya saɓa wa ƙa'idarsu ne kawai, rashin jin daɗinka ba dalili ba ne. Na mai bidiyon TikTok ya fita bayan wasu kwanaki, tunda da bakinsa ya ce bai zo ba. Na marar suna yana nan har yau. Mun rubuta a ƙarƙashinsa cewa ba mu sami wannan suna a rajista ba, in ya taɓa sauka a wurinmu ya tuntuɓe mu.

Shawarar tara samarin unguwa kuwa, ƙa'idar Google ta hana sharhin bogi, ta hana ba da kyauta ko ragi don a rubuta maka, ta kuma hana ka zaɓi masu murmushi kaɗai ka roƙa. Ko ba ƙa'ida, mai karatu ba yaro ba ne. Taurari biyar guda 20 a rana biyu, daga mutanen da ba su taɓa rubuta komai ba, kowa na cewa wuri mai kyau, a kan sharhi masu hoton tabo, sai ya ƙara tabbatar masa da zargi. Ni kuma a wurina abin ya wuce dabara, shaidar zur ce.

Tun kafin na mai bidiyon TikTok ya fita na yi wa Kawu lissafin dawowa don kada ya sa rai da gaggawa. Da muna da sharhi 40 a kan 4.3, jimillar taurari 172. Sababbin 9 sun kawo 12 kacal, ya zama 184 a raba wa 49, shi ne 3.8 ɗin da muke gani. Don a koma 4.0 ana bukatar mutum 12 a jere kowa ya ba da biyar cif. Amma baƙi na gaske ba haka suke ba, wani biyar wani huɗu. In matsakaicinsu 4.5 ne, sai an sami 24. A otal da a da yakan yi wata guda da sharhi ɗaya ko biyu, wannan tafiyar shekara ce ko fiye, sai in an fara tambaya. Sai muka buga lambar QR muka ajiye a tebur, kuma duk wanda zai tashi, ko ya yaba ko bai yaba ba, a ce masa in ya sami lokaci ya rubuta abin da ya gani. 'Yan kasuwarmu na arewa, waɗanda suka fi kowa daɗewa da mu, ashe yawancinsu ba su taɓa sanin ana rubutawa ba.

Zuwa Fabrairu mun sami sababbin sharhi 20. Matar tawul ta kira, Kawu da kansa ya ba ta haƙuri, ba mu roƙe ta komai ba, bayan kwana biyu ta mayar da tauraronta ɗaya zuwa uku. Maki ya tsaya a 4.0, bai koma 4.3 ba tukuna. Yarinyar tebur tana nan, a cikin sababbin sharhin mutum biyu sun yaba da tarbar da ta yi musu. A cikin 20 ɗin akwai mai taurari uku da ya ce ya kunna fanka ƙura ta zubo masa a gado. Na duba rajista, ɗaki na 12 ne, a sama, ranar Talata, tsakiyar hunturu. Na hau kujera na shafa farar takarda a fiffiken fankar, ta fito ja. Mma ta ce tsani ya karye tun Disamba, ba ta faɗa ba. An sayo wani, kuma goge fanka da saman kabad ya shiga aikin Laraba har iskar hunturu ta wuce.